Ajiye oda ba tare da rage kaya ba

Ajiye oda ba tare da rage kaya ba matsala ce ta manhajojin ciniki, inda odar mai saye ke shiga rumbun bayanai amma adadin kayan da ke mangaza ya tsaya yadda yake. Tana faruwa ne idan an aika matakan biyu daban-daban, ba a ɗaure su cikin ma'amala guda ba, wato aiki ɗaya da ko ya tabbata duka ko ya rushe duka.

Tarihi

Tunanin ɗaure ayyuka da yawa su zama ɗaya, ko duk su tabbata ko duk su rushe, ya bunƙasa ne a wajajen shekarun 1970, musamman a aikin Jim Gray a kamfanin IBM. A 1983 Theo Härder da Andreas Reuter suka tattara sharuɗɗan ma'amala huɗu a ƙarƙashin sunan ACID, na farkonsu shi ne rashin rabuwa. Duk da haka rumbun bayanai na MySQL ya daɗe yana zuwa da injin ajiya na MyISAM wanda bai san ma'amala ba, sai a siga ta 5.5, wajen 2010, InnoDB ya karɓi gurbinsa. Tsohon tebur na MyISAM har yau ba ya janye abin da aka rubuta masa, ko an ba da umarnin janyewa na `ROLLBACK`.

Yadda take faruwa

A MySQL da PostgreSQL da SQLite, duk umarnin da ba a buɗe masa ma'amala ba yakan tabbata nan take. A ɗauki dillalin shinkafa a babbar kasuwar Maradi mai buhu 50 a mangaza. Wani ɗan kasuwa daga Tasawa ya sayi 20. Manhaja ta rubuta odar, kafin ta aika umarnin ragewa wuta ta ɗauke. Da aka kunna na'ura, odar na nan, allo kuma yana nuna buhu 50. Washegari yaron shago ya karɓi kuɗin buhu 40 a hannun wani, alhali 30 ne suka rage a ƙasa.

Ana gano ta da lissafi: kayan da suka shigo, a debe jimillar ododi, a gwada da abin da tebur ke nunawa. A nan giɓin buhu 20 ne, daidai da oda guda.

Gyara

```sql
BEGIN;
INSERT INTO oda (kaya_id, adadi) VALUES (7, 20);
UPDATE kaya SET saura = saura - 20
  WHERE id = 7 AND saura >= 20;
COMMIT;
```

Idan wuta ta ɗauke kafin `COMMIT`, umarnin da ke tabbatar da ma'amala, rumbun zai watsar da odar da kansa. Sai dai akwai inda masu rubuta manhaja ke yawan tuntuɓe: idan kaya ba su kai 20 ba, `UPDATE` ba ya kawo kuskure, layi sifili kawai yake taɓawa. Dole manhaja ta duba wannan adadi, idan sifili ne ta kira `ROLLBACK`. Dole ne kuma umarnin duka su bi ta haɗi ɗaya da rumbun.

Inda oda da kaya suke rumbu daban-daban, masana sun saɓa kan hanyar da ta fi dacewa.