Juyewar ma'ana wajen rage rubutu

Juyewar ma'ana kuskure ne da ke aukuwa idan mai gyaran rubutu ya cire wata gajeriyar kalma don ya rage tsawon jimla, sai jimlar ta koma faɗin akasin abin da aka nufa. A Hausa kalmomin da abin ya fi shafa su ne na korewa (ba, kada, babu), na iyakancewa (kawai, kaɗai) da na togiya (sai, sai dai, banda). An fi cin karo da shi inda wuri ya yi kaɗan, kamar kanun labarai, sanarwar rediyo da saƙon tes. Saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar ƙ ko ɗ ta shiga ciki sai ya koma 70, don haka mai turawa ke neman abin yankewa.

Korewa

Hausa na kore aikin da ya wuce da wanda zai zo da "ba" guda biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya: "Ba za a biya ba." Idan ɗaya ce ta faɗi, jimlar kan yi ɗingishi, mai karatu ya tsargu. Matsalar ita ce doguwar jimla, inda "ba" ta ƙarshe ke can nesa. Mai gyara ya datse wutsiyar jimlar har da ita, wanda ya karanta bayansa ya ga ta farko ita kaɗai, ya ɗauka kuskure ce ya share.

Abin da ke saura ba kullum ne akasi tsantsa ba. "Ba su zo ba" idan ta rasa "ba" biyun, "su zo" take komawa, wato labari ya zama umarni.

"Kada" ta fi haɗari, domin ba ta da abokiyar tafiya, kuma jimla na tsayawa daram ba tare da ita ba. "Kada a sha da madara" ta zama "a sha da madara", babu alamar an taɓa ta. Irin wannan ne ya faru a Landan a 1631, lokacin da Robert Barker da Martin Lucas suka buga Littafi Mai Tsarki na Turanci, kalmar korewa ta faɗi daga dokar hana zina. An ci su tarar fam 300.

Iyakancewa da togiya

"Kawai" kan yi kama da cikon magana, kuma a jimlar da babu korewa idan an cire ta, iyakancewar ce kurum ke gushewa. Amma idan tana tsakanin "ba" biyu, ita ce korewar ta hau kanta. A ɗauki sanarwar da wata ƙungiyar masu haya a Jos za ta iya turawa:

"Ba masu shago kawai za su biya kuɗin shara ba, har da masu ɗakuna, sai dai in mutum ya nuna rasit na bara."

Sakatare ya ga ta yi tsawo, ya cire "kawai" da duk abin da ya biyo bayan waƙafi na farko. Saura: "Ba masu shago za su biya kuɗin shara ba." Jimlar lafiya lau a nahawu, amma masu shago da aka ce su biya yanzu an yafe musu, masu ɗakuna ba a ambace su ba, mai rasit kuma ya rasa togiyar da ta kare shi. Da ya cire korewar gaba ɗaya, da ya samu gajarta ba tare da asara ba: "Masu shago da masu ɗakuna duk za su biya kuɗin shara, banda mai rasit na bara."

"Sai" kuwa kowane ɓangarenta aka taɓa, magana ta canza. "Ba sai ka zo ba" sauƙi ne aka yi wa mutum. A cire "ba" biyun, "sai ka zo" ta zama dole. A cire "sai" ɗin, "ba ka zo ba" ta zama ƙorafi.

Yadda ake ganowa

Karanta gyararren rubutu shi kaɗai ba ya tona wannan kuskure, tunda jimlar da ta juye daidai take a kunne. Sai an ajiye na asali gefe da gefe, a ja layi ƙarƙashin kowace ba, kada, babu, kawai, kaɗai, sai da banda, a ga ko ta tsira ko an maye gurbinta. Wajen ƙirga "ba" a lura cewa ba kowace ke da ta biyu ba: "ba ya zuwa" da "ba kowa" cikakku ne, haka "ba" ta bayarwa, kamar a "ya ba Audu", ba korewa ba ce. Daga nan a yi wa jimlolin biyu tambaya iri ɗaya: wa zai biya, wa ba zai biya ba, bisa wane sharaɗi? Idan amsa ɗaya ta bambanta, a mayar da kalmar, a nemi ragin a wani wuri.