Sati huɗu kafin jarrabawar sakit: yadda za ka tsara bita alhali lacca ba ta ƙare ba

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sashen injiniyan lantarki a nan Kaduna. Saura sati huɗu jarrabawar sakit, lacca tun takwas na safe har la'asar, ga furojek a wuyana. Yaya zan raba lokacin?

Ƙanena, fara da ƙirga abin da ke hannunka da gaske. Wanda ya wuni a aji, ya sha cunkoson hanya daga Tudun Wada zuwa Rigasa ko Kawo, ba zai iya lissafin kirki da daddare ba, balle in an ɗauke wuta. Shi ya sa na fi son bayan sallar asuba: awa ɗaya da rabi, Litinin zuwa Alhamis. Juma'a awa ɗaya, Asabar awa uku, Lahadi kuwa ka bar wa furojek. Awa 10 ke nan a sati, 40 a sati huɗun.

Amma kada ka rubuta "karatun sakit" a jadawalin. Rubuta adadin tambayoyin da za ka warware littafi a rufe: huɗu kowace safiya, uku daga darasin satin, ɗaya daga na baya. Sakit yana da yaudara. Ka bi amsar da aka riga aka warware kana gyaɗa kai, kowane layi ya zauna maka daidai, sai an miƙo maka farar takarda ka rasa ta inda za ka fara. Awa ɗayar Juma'a ta komawa kan waɗanda suka kayar da kai ce kawai.

Tambaya: Da wane darasi zan fara?

Da tushe, ko da kana ganin ka wuce wurin. Satin farko na sakit mai batir da rizista ne zalla: dokokin Kirchhoff guda biyu, warwarewa ta mahaɗa da ta zagaye, sai ka'idar Thevenin da ta Norton. Sati na biyu kafasita da indakta, da abin da ke faruwa daga lokacin da aka rufe makunni. Na uku wutar da ke juyawa irin ta gidajenmu, da feza. Na huɗu tsofaffin takardun jarrabawa. Dalilin wannan jeri shi ne kowane sati a kan na baya yake tsaye, kuma hanya mafi kyau da za ka ga haka ita ce ka ɗauki sakit guda ɗaya ka riƙa tafiya da shi.

Ga wanda nake ba ɗalibai. Batir mai 12 V, rizista 4 kΩ a jere da shi, sai rizista 12 kΩ daga ƙarshenta zuwa ɗaya bakin batirin. Bakunan da muke dubawa su ne na rizista ta biyun. A satin farko ka nemo Thevenin ɗinsa. Boltej ɗin shi ne `12 × 12/(4+12) = 9 V`. Ka kashe batirin, wato ka maye gurbinsa da waya, sai rizistocin biyu su koma kafaɗa da kafaɗa: `4 × 12/(4+12) = 3 kΩ`. In aka jona lodi mai 6 kΩ, karan ɗin da zai bi ta cikinsa `9/(3+6) = 1 mA` ne. Kada ka tsaya nan. Sake warware shi ba tare da Thevenin ba: 12 da 6 kafaɗa da kafaɗa sun ba da 4 kΩ, don haka batirin ya rabu gida biyu, 6 V a kan lodin, 1 mA ɗin dai ya sake fitowa. Ɗabi'ar gwada amsa ta hanya biyu ita nake so ka fita da ita daga satin farko.

Tambaya: To a sati na biyu da na uku me zai faru da wannan sakit ɗin?

Cire lodin ka sa kafasita mai 1 µF wadda babu caji a cikinta, sannan ka rufe makunni. A nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa: sai su ce kafasitar za ta cika zuwa 12 V, su kuma ɗauki 4 kΩ ko 16 kΩ su saka a `τ = RC`. Ita kafasitar ba ta ganin komai sai Thevenin ɗin da ka nemo a satin jiya. Saboda haka `τ = 3 kΩ × 1 µF = 3 ms`, kuma 9 V take nufa. Bayan τ ɗaya tana kusan kashi 63 cikin ɗari na hanya, wajen 5.7 V, bayan τ biyar, wato 15 ms, ana ɗauka ta cika. In wannan ya ba ka wahala, ciwon na satin farko ne, sai ka koma can ka yi safiya guda.

A sati na uku ka maye gurbin batirin da wuta mai juyawa, 12 V a kan 50 Hz, wanda shi ne bugun wutar Najeriya. `ω = 2π × 50` ya kai kusan 314, lamba ce da ya kamata ta zauna maka a ka. Turjiyar kafasitar `1/(ωC)` ta kai kusan 3.18 kΩ, don haka `Z = 3 − j3.18 kΩ`, girmansa kusan 4.37 kΩ. Da 9 V ɗin Thevenin, karan ɗin kusan 2.06 mA ne, kuma yana gaban boltej da digiri kusan 47. In lissafinka ya nuna karan yana baya a sakit mai kafasita, alamar `j` ce ta juye maka. In kusurwar ta fito 0.81, duba fuskar kalkuletarka, tana kan `RAD` maimakon `DEG`. Wannan sati ya fi sauran nauyi, ni kan ba shi har Asabar ɗin gaba ɗaya, a yi ta juya lambobi daga siffar `a + jb` zuwa girma da kusurwa har hannu ya saba. Da kalkuletar da za ka shiga jarrabawa da ita za ka yi, ban da ta waya.

Tambaya: Sababbin darussan da malami ke kawowa yanzu fa?

Minti 20 bayan isha a ranar da aka koyar: sake warware misalin allo littafi a rufe. Washegari ya zama ɗaya daga cikin huɗun safiya. Sau da yawa abin ƙarshen samista, kamar hanyar Laplace, tsohon sakit ne da sabuwar riga: kafasita marar caji ta koma `1/(sC)`, dokokin Kirchhoff suna nan yadda ka san su.

Tambaya: In sati ɗaya ya kuɓuce mini, me zan yanke?

Ban da sati na huɗu, don Allah. Rage tambayoyin sati na biyu, ka haɗa na kafasita da na indakta tunda hanyarsu ɗaya ce, sai dai a indakta `τ = L/R` ne.

Satin ƙarshe ka yi takarda biyu cikakku da agogo a gabanka, ɗaya a farkon satin, ɗaya a tsakiyarsa, ko da ka raba kowacce safiya biyu. In takardarku ta awa uku ce mai tambaya biyar, minti 36 ke gare ka a kowace. Lokaci na cika ka ja layi ka wuce. Da ka gama, ka rarrabe kurakuran: wanda ba ka san hanya ba, wanda alama ta juye, wanda ka manta kilo ko maikuro. Na farkon ne kaɗai ke buƙatar komawa littafi. Sauran biyun maganinsu zana kibiyar karan a kan sakit kafin ka rubuta layin farko, da rubuta ma'auni kusa da kowace lamba. Ranar jajibiri kada ka taɓa sabuwar tambaya. Ɗauko sakit ɗin nan mai 12 V, ka bi shi daga Thevenin har feza, ka sa wa kalkuleta sabon batir.