Daga "wa ya yi?" zuwa "me ya sa?": jeranta tambayoyi a darasin waƙa

Ɗalibaina na haddace waƙa tsaf, amma da na ce su fito da jigo sai aji ya yi tsit. Ina matsalar take?

Malam, tsallen ne ya yi yawa. Tsakanin hadda da jigo akwai matakai, kuma tambayoyinka ne za su hau da yaro ɗaya bayan ɗaya. Rabe-raben matakan koyo da masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956 sun fara da sani, sai fahimta, sai aiki da abin da aka sani, sannan nazari. Mu gwada da waɗannan baitoci biyu da na tsara don misali:

Rani ya tafi ya bar ƙasa da ƙishi,
Hadari ya yi fushi, ruwa bai sauka ba.

Manomi ya ɗau fartanya tun asuba,
Rumbunsa wayam, amma bai karaya ba.

Da wace tambaya zan fara?

Da wadda amsarta ke kwance a kan allo. Yaushe manomi ya fita? Ɗango nawa ne a kowane baiti? Mene ne amsa-amon? Tambayoyi biyu ko uku sun isa, kuma ka ba masu rauni su amsa. Daga nan ka ce wani ya faɗi baitin farko da maganar yau da kullum. Wanda ya maimaita kalmomin waƙar kawai bai fahimta ba tukuna.

To, yaya ake shiga nazari?

A nan aikin yake. Kada ka ce "wane salo aka yi amfani da shi?", domin yaro zai jefo maka "mutuntarwa" ya zauna, alhali suna kawai ya tuno. Gara ka tambaya: wa aka sani da ƙishi da fushi? In sun ce mutum, sai ka ɗora: me ya ragu idan aka ce "ƙasa ta bushe" maimakon an bar ta da ƙishi? Yanzu dole su auna zaɓin mawaƙin.

Tambayar da na fi so ita ce ta ƙarshen baitocin. Dukansu sun ƙare da "bai ... ba". Wa ya ƙi a na farko, wa ya ƙi a na biyu? Da sun gano cewa sama ta ƙi ba da ruwa, manomi kuma ya ƙi sarewa, jigon juriya ya fito daga bakinsu, ba ka rubuta musu ba.

Yaya zan gane tambayata ta nazari ce da gaske?

Idan amsarta na cikin bayanin da ka ba su jiya, ta koma hadda, komai girman kalmominta. Ta nazari kan karɓi amsa fiye da ɗaya, muddin ɗalibi zai nuna ɗangon da ya dogara da shi. Saboda haka ka riƙa bin kowace amsa da "a wane ɗango ka ga haka?", kuma ka ɗan jira kafin ka nuna wanda zai amsa.