Hoton bidiyonka ya bayyana sau 10,000, amma ba mutum 10,000 suka kalla ba

Sabbin masu tasha a YouTube sun daɗe suna ruɗuwa da lambar Impressions, su ɗauka yawan masu kallo ce. Ba haka ba ne. Tana ƙirga sau nawa hoton bangon bidiyonka ya bayyana a allon mutane ne kawai, kuma sai rabinsa aƙalla ya fito na fiye da daƙiƙa ɗaya. Wanda ya gani ya wuce abinsa ma an ƙirga shi.

A ce ka ɗora bidiyon yadda ake dambun nama. Hoton ya bayyana sau 10,000, aka danna sau 500, wato kashi 5 cikin ɗari. Amma Views, wato yawan kallo, na iya nuna 800, domin wanda ya shigo ta mahaɗin da ka tura a WhatsApp ya kalla, alhali YouTube bai nuna masa hoton ba. Kuma 800 ɗin ma ba kawuna ba ne, tunda ƙanwarka mai koyon girki tana iya maimaita shi sau uku.

Yawan mutanen shi ne Reach a Facebook da Instagram, kowane asusu sau ɗaya. A YouTube ka nemi Unique viewers, amma ƙiyasi ne.

In hoton yana yawan bayyana amma dannawa ta yi ƙasa, gyara hoton da take kafin ka zargi bidiyon.