Yadda ake karanta tsagewar bango kafin a kira mai filasta

Da zarar mutum ya ga bangon gidansa ya tsage, abin da yake fara dubawa shi ne faɗin tsagar. In siririya ce sai ya ce ba komai, in yatsa na shiga sai hankalinsa ya tashi. To amma faɗi shi kaɗai yana yaudara. Akwai siririyar tsaga da ta fi mai faɗi haɗari nesa ba kusa ba. Abin da ke tona asirin tsaga shi ne siffarta da kuma wurin da ta fito, domin kowace irin matsala tana da yadda take yaga bango.

Mu fara da wadda ta fi yawa kuma ta fi sauƙi, wato tsagar bushewa. Siminti yana tsukewa yayin da ruwan da aka kwaɓa shi da shi yake fita. In ruwa ya yi yawa a kwaɓin, ko siminti ya yi yawa a filasta, ko aka bar rana da iska suka busar da aikin ba tare da ban ruwa ba, sai fuskar bangon ta yi zane-zane kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Irin wannan ba ta cika kai milimita 1 ba, kuma faɗinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. In ka kankare filastar za ka tarar da bulon lafiya lau. Wani lokaci bulon ne da kansa ya tsuke, musamman in an ɗora shi bai gama bushewa ba. A nan tsagar takan miƙe tsaye a tsakiyar dogon bango, ko a ƙarƙashin taga, ko a daidai inda bulo ya haɗu da ginshiƙin kankare. Dalili ke nan da ake barin gaɓa, wato siririyar tazarar da ke ba bango damar motsi, a dogon bangon bulo kusan kowace mita 6. Tsagar bushewa tana fitowa a watannin farko zuwa shekara ɗaya ko biyu bayan gini, sannan ta tsaya, kuma galibi ba ta sauka har cikin harsashi.

Tsagar nutsewa kuwa daga ƙasa take samo asali. Gini duka yana ɗan zaunawa, wannan ba laifi ba ne. Matsalar tana zuwa ne in wani sashe ya sauka fiye da wani, sai bangon da ke tsakaninsu ya yage. Tsagar takan tafi a karkace, kuma a bangon bulo tana bin layin kwaɓi hawa-hawa kamar matakalar bene. Tana son kusurwar ƙofa da ta taga, saboda nan ne bango ya fi rauni. Tana ratsa kaurin bangon, don haka in ka gan ta a ciki ka zagaya waje, za ka same ta a wuri guda. Babbar alamarta kuma ita ce faɗinta ba ɗaya ba ne: baki ɗaya a buɗe, ɗayan a tsuke.

Wannan bambancin faɗi shi ne yake nuna inda ƙasa ta gaza. In kusurwa ko ƙarshen gini ne ya sauka, tsagar ta fi buɗewa a sama, kamar ka karya kara a gwiwarka. In tsakiyar bangon ce ta sauka, sai ta fi buɗewa a ƙasa. Karkatar ma tana magana: tsagar tana hawa ne zuwa ɓangaren da ya nutse.

A ce ga bango mai tsawon mita 8, da taga kusa da kusurwar dama. Tsaga ta tashi daga kusurwar tagar ta sama ta dama, ta hau matakala-matakala zuwa dama har ƙarƙashin rufi. A bakin tagar faɗinta milimita 1 ne, a sama kuma milimita 6. Wata ta fito daga kusurwar tagar ta ƙasa ta hagu, ta gangara hagu har ta shige ƙasa. Tagar da ake buɗewa da hannu ɗaya yanzu sai an dake ta. Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya: kusurwar dama ce ke sauka. Sai a je can a duba. Sau da yawa za a tarar ruwan rufi yana zuba a gindin bangon, ko bututun ruwa yana yoyo a ƙarƙashi, ko an haƙa rami kusa, ko an yi ginin a kan cikon ƙasar da ba a daɓe ba. Babbar bishiya a ƙasar laka ma tana jawo haka, domin saiwoyinta suna zuƙe danshi, lakar ta tsuke. A irin wannan ƙasa tsagar takan buɗe da rani ta ɗan rufe da damina.

Nakan ce wa masu gida kada su yi gaggawar liƙe ta. A ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, a rubuta kwanan wata. A yi ɗigo biyu, ɗaya a kowane gefe, a auna tazararsu da abin awo duk wata. In awon bai canja ba har rani da damina suka zagayo, ana iya cikewa. In yana ƙaruwa, ko faɗin ya wuce milimita 5, aikin ya zama na injiniya, kuma kafin ya zo a kawar da ruwan daga gindin bangon. In ta kai milimita 15 zuwa 25 kuwa, wani sashen bangon sai an sake shi.

Ta ukun ita ce ba ta jiran a yi ta awo, wato tsagar nauyi. Wurinta ne ke fallasa ta: daidai ƙarƙashin inda nauyi ya sauka, kamar inda bim, wato kankaren da aka gitta don ɗaukar nauyin sama, ya hau bango, ko ƙarshen linta, ko siririn bangon da ke tsakanin tagogi biyu, ko jikin ginshiƙi. Takan fito a tsaye, sau da yawa guda biyu ko uku kusa da juna, gajeru, sirara. Bulon da ake dannewa daga sama yana darewa ne a tsaye, kamar icen da aka faskara. Tare da ita za ka ga filasta tana ɓarewa, kwaɓi yana murƙushewa yana zubo gari, ko bangon ya ɗan yi tumbi. A jikin bim ko linta kuma, tsagar tana fitowa daga ƙasa a tsakiya, ko a karkace kusa da inda ya dogara. Lintar da ba ta hau bango da aƙalla santimita 15 a kowane gefe ba tana yawan farfasa bulon da ke ƙarƙashinta.

Tambayar da za a yi a nan ita ce, me aka ƙara wa ginin? An ɗora bene a kan bangon da ba don haka aka yi shi ba? An cire wani bango a ƙasa don a faɗaɗa ɗaki? An aza tanki a sama? Tankin lita 2,000 in ya cika, ruwan kaɗai tan 2 ne. In amsar e ce, kuma tsagar tana ƙarƙashin wannan nauyin, a zubar da ruwan tankin, a sauke kayan da ke sama, a fitar da mutane daga wannan sashe, a kira injiniya a ranar. Shi zai nuna inda za a sa tokara, domin tokarar da aka kafa a wurin da bai dace ba tana mayar da nauyin ne kan wani sashen da shi ma ba zai ɗauka ba.