Allurar jika, kariyar kaka: yadda rigakafin infuluwenza a makarantu ke tsare tsofaffi

"Na ji ana cewa idan aka yi wa 'yan makaranta allurar mura, kakanninsu ma sun samu kariya. Ta yaya allurar da aka yi wa jika za ta kare tsohuwar da ba a taɓa ba?"

Maganar gaskiya ce, amma a fara bambancewa. Ba murar yau da kullum ake nufi ba, wadda ke tsayawa a hanci da atishawa. Ana nufin infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki da busasshen tari, wadda idan ta kama tsoho takan sauka huhu ko ta tayar da ciwon zuciya.

Ƙwayar cutar ba ta da ƙafa, sai wani ya ɗauke ta ya kai. Kuma babu mai ɗaukarta kamar yaro. Jikinsa bai saba da ita ba, don haka yana kamuwa da sauƙi. Babba yakan yaɗa ta kwana biyar zuwa bakwai, yaro kuwa yana iya wuce kwana goma, kuma yakan fara yaɗawa tun kwana ɗaya kafin a ga alamar ciwo a jikinsa. Ya wuni a aji da yara arba'in, ya dawo ya faɗa ɗakin kaka, ya sha ruwa a kofinta, ya yi tari a cinyarta tana shafa masa kai. Tsohuwar da ba ta fita ko ƙofar gida, ta wannan hanya cutar ke samunta. Idan yaron bai kamu ba, an toshe babbar ƙofar da cutar ke bi ta shiga ɗakinta.

"To yara nawa za a yi wa kafin abin ya yi tasiri?"

Infuluwenza ta kowace shekara ba ta da saurin yaɗuwa irin na ƙyanda. Mai ƙyanda ɗaya yana iya harbar mutum 12 zuwa 18 a inda babu rigakafi, shi ya sa sai an yi wa kusan kashi 95 cikin ɗari allura. Ita kuwa infuluwenza, masu ciwo goma sukan harbi kimanin mutum goma sha uku ne. Da kaɗan ta wuce iyakar da cuta ke mutuwa da kanta, wato inda masu ciwo goma ke harbar ƙasa da goma, saboda haka ragi kaɗan yana yi mata illa sosai.

Ga lissafi na misali kawai. A ce a wani gari masu ciwo 100 suna harbar 130, su kuma su harbi 169, haka dai. Bayan zagaye goma za a samu kusan sababbin masu ciwo 1,400. Yanzu a ce rabin yaɗuwar daga 'yan makaranta take fitowa. An yi wa takwas cikin kowane goma allura, kuma allurar ta kare rabin waɗanda aka yi wa. Ke nan huɗu cikin kowane goma sun daina ɗaukar cutar, wato an rage kashi ɗaya cikin biyar na yaɗuwar garin baki ɗaya. Masu ciwo 100 yanzu 104 za su harba, kuma bayan zagaye goma ba su wuce 150 ba. Cutar ba ta mutu ba, tana nan tana rarrafe, amma ƙanƙanin ragin da aka samu a kowane zagaye ya taru ya zama babba. A cikin waɗanda ba su kamu ba akwai tsofaffin da ko sunan allurar ba su ji ba.

"An taɓa ganin wannan a zahiri, ko lissafin takarda ne?"

An gani a Japan, ƙasar da a lokacin gidaje da yawa kakanni da jikoki ke zaune tare. Daga 1962 aka fara yi wa 'yan makaranta allurar, a 1977 doka ta wajabta ta, kuma tsawon shekaru ana yi wa tsakanin kashi 50 zuwa 85 cikin ɗari na yaran. Daga baya jama'a suka fara shakkar amfaninta, aka sassauta dokar a 1987, aka soke ta a 1994. A 2001 wasu masu bincike ƙarƙashin Thomas Reichert suka duba alƙaluman mace-macen lokacin sanyi. Suka ga yawan mace-macen ya sauka sosai a shekarun da ake yi wa yaran allura, ya sake hawa bayan an daina. Ƙiyasinsu shi ne shirin yana hana mutuwar mutum 37,000 zuwa 49,000 a shekara, wato rai ɗaya a kan kowane yara 420 da aka yi wa. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne sai bayan an rufe shirin aka lura da waɗanda yake karewa.

Wannan hujja tana da rauninta. A shekarun nan arzikin Japan ya bunƙasa, asibitoci sun inganta, don haka mai musu zai iya cewa wani abu ne daban ya rage mace-macen. Gwajin da ya amsa wannan musun a Kanada aka yi shi, a sanyin 2008 zuwa 2009, cikin ƙauyukan Hutterite, manoma masu zama a keɓe suna ci tare. Aka raba ƙauyukan ta hanyar ƙuri'a. A wasu aka yi wa yara 'yan shekara 3 zuwa 15 allurar infuluwenza, a sauran aka yi musu ta ciwon hanta, don kada kowa ya san wadda ya samu. Cikin mutanen da ba a yi wa allura ba, kusan kashi 3 cikin ɗari ne suka kamu a ƙauyukan farko, a sauran kuma sama da kashi 7. Ragi ne na kimanin kashi 60 cikin ɗari, kusan daidai da kariyar da su yaran suka samu.

"Me zai hana a yi wa tsofaffin kawai a huta?"

A yi musu, lalle. Sai dai garkuwar jiki tana tsufa tare da mai ita, kuma allurar da ke kama jikin yaro da kyau sau da yawa ba ta ba ɗan shekara saba'in da biyar irin wannan kariyar. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne ya fi kowa samun kaɗan. Shi ya sa Birtaniya, wadda ta daɗe tana yi wa tsofaffi, ta ƙara da yara tun 2013, ta hanyar feshi a hanci maimakon allura.

"Jikana an yi masa, amma kakarsa ta kwanta. Ina kariyar?"

Allah ya ba ta lafiya. Kariyar jama'a ba ta gida ɗaya ba ce. Idan jikanka kaɗai aka yi wa a unguwa, cutar tana yawo kamar da, kuma mai aiki ko baƙo mai gaisuwa zai iya kawo ta. Sannan a duba lokaci: rigakafin yana ɗaukar kusan mako biyu kafin ya kama, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara tara da ake yi wa allurar a karon farko yakan buƙaci biyu, da mako huɗu a tsakani. Ƙwayar kuma tana sauya kama, don haka allurar bara ba ta isar bana, kuma akwai shekarar da allurar ba ta dace da irin da ke yawo ba sosai. Yana yiwuwa ma ba infuluwenza ba ce, gwajin majina a asibiti ne ke tabbatarwa.

Ko wace ce, kada a zauna jira. Idan numfashinta ya yi sauri ko tana haki, ko tana ciwon ƙirji, ko ta rikice tana magana ba kai, ko zazzaɓin ya sauka ya sake dawowa da tari mai tsanani, a kai ta asibiti a ranar. Tsoho yana iya kwanciya da ita ba tare da jikinsa ya yi zafi ba, kuma maganin da ke kashe kaifin ƙwayar ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko.