Takardar sallamar ma'aikacin shago saboda yawan fashin aiki: tambayoyin da na gaji da amsawa

"Yarona na shago ya ishe ni da fashin aiki, zan sallame shi. Dole sai na rubuta takarda? Ba zan faɗa masa da baki kawai ba?"

Rubuta. Maganar baki bayan wata biyu kowa da yadda zai tuna ta, kai ka ce ka ba shi notis, shi ya ce korar kare ka yi masa a gaban kwastoma. Kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya naka, ya sa hannu a naka cewa ya karɓa.

"In rubuta duk abin da ya min? Har da rashin kunya da latti da danna waya a gaban kwastoma?"

A'a. Wannan tambayar na amsa ta har bakina ya gaji. Ka ce fashi ne dalilin, to tsaya kan fashi. Ranar da ka cika takarda da laifi bakwai, wanda duk ya karanta zai ce wannan mutumin dama neman hanyar korar yaron yake, kuma laifin da ba ka taɓa yi masa gargaɗi a kai ba shi ne zai fara kamawa ya musa. Sannan kalmomi irin su malalaci, mara amana, butulu, duk ka cire su don Allah. Za ka iya nuna cewa bai zo ranar 11 ga wata ba. Lalaci kuwa da me za ka nuna shi?

"Ban rubuta ranakun da ya yi fashin ba, amma wallahi suna da yawa."

To ba ka shirya rubuta takarda ba tukuna. "Suna da yawa" ba lamba ba ce. Duba wayarka, akwai saƙonnin "kana ina?" da ka tura masa da safe, suna ɗauke da kwanan wata. Duba littafin ciniki, ranar da rubutun hannunka ne kaɗai daga buɗewa har rufewa ai ka san ba ya nan. Abin da ka tabbatar shi za ka sa, abin da kake kokwanto ka bar shi. Kuma daga gobe ka ajiye littafin sa hannu na shigowa, har ga sauran ma'aikatan.

"A cikin kwanakin akwai uku da ya ce ba shi da lafiya, amma bai kawo takardar asibiti ba. In lissafa su ko in cire?"

Wannan ce kaɗai tambayar da ba zan iya amsawa da layi ɗaya ba, kuma wanda ya amsa maka ita da layi ɗaya kar ka yarda da shi.

Bari mu ɗauki misali don maganar ta zauna. A ce a Maris bai zo ba ranakun 4, 11, 12 da 25. Ka yi masa magana da baki ranar 13 ga Maris. A Afrilu ya sake fashi ranar 2, washegari 3 ga wata ka ba shi gargaɗi a rubuce. Sai kuma bai zo ba 8, 9, 10, waɗanda ya ce zazzaɓi ne, sannan ranar 22 shiru ko waya babu. Jimla kwana tara. In ka cire ukun nan saura shida, kuma shida a wata biyu ba kaɗan ba ne, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Abin dubawa shi ne me ya faru BAYAN gargaɗin da ka rubuta. Da ukun a ciki, ya yi fashi huɗu bayan gargaɗi. Ba su, fashi ɗaya ne tak, na ranar 22. Ka ga yadda kwana ukun nan suka juya maganar gaba ɗaya.

Ni dai abin da zan yi, zan cire su, sai in ina da hujjar cewa ƙarya ne, kuma hujja ba ita ce "wani ya ce ya gan shi yana yawo" ba. Dalili na farko, rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalilin sallama ba ne a Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1982. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kanta ba, don haka kar ka ɗauka ita ce dokar da ke kanka, dokar ƙasarku ce ke kanka, amma dokokin ƙasashe da yawa haka suke kallon maganar ciwo. Na biyu, mutane da dama in zazzaɓi ya kama su magani suke sha su kwanta, ba sa zuwa wajen da za a ba su takarda, kai kanka yaushe rabonka da karɓo takardar likita don ciwon kwana biyu?

Amma fa ya danganta. In yarjejeniyar ɗaukar aikinku, ko shi gargaɗin na 3 ga Afrilu, ya faɗa ƙarara cewa ciwon da ya wuce kwana biyu sai da takardar asibiti, to kana da ƙafar tsayawa, ba don ya yi ciwo ba, don ya karya sharaɗin da ya sani. Haka kuma ka duba ko ya sanar. Wanda ya turo saƙo da safe ranar 8 cewa jikinsa ya ƙi daban yake da wanda ya ɓace kwana uku wayarsa a kashe, ya dawo ranar 11 da labari. Na biyun ma sai ka tambaye shi me ya hana shi kira, wataƙila an kwantar da shi ne, wataƙila kuma babu amsa. In kuma a zaman da za ku yi ya fito da cewa ciwo ne mai dawowa, ko mace ce mai juna biyu, to tsaya cak, ajiye biro, wannan ba maganar fashi ba ce kuma, ƙasashe da yawa suna da kariya ta musamman a nan, ka ga lauya ko ofishin ƙwadago kafin ka rubuta ko harafi ɗaya.

To a misalin namu, saura fashi ɗaya bayan gargaɗi. Ya isa a sallami mutum? In gargaɗin ya ce "fashi na gaba ba izini zai kai ga sallama", mai yiwuwa ya isa. In cewa kawai ya yi "ka gyara", ni ba zan sallama a kansa ba. Zan ba shi gargaɗin ƙarshe a rubuce, a ce ranar 24 ga Afrilu, da wannan jimlar a fili. Na san haƙurinka ya ƙare, na sani. Amma in ya gyara ka huta da koya wa sabon yaro inda kaya suke, in bai gyara ba kuma takardarka za ta fito ba inda za a kama ta.

"To ya zan rubuta? Ba ni samfuri."

Ga shi, a kan misalin can, a ce ya sake fashi 6 da 7 ga Mayu. Sa sunan shago da kwanan wata a sama, ka sauya abin da bai dace da kai ba.

Malam Wane,

Ina sanar da kai cewa aikinka a wannan shago ya ƙare daga yau, 9 ga Mayu. Dalili shi ne rashin zuwa aiki ba tare da izini ko sanarwa ba a ranakun 4, 11, 12 da 25 ga Maris, 2 da 22 ga Afrilu, da 6 da 7 ga Mayu, kwana takwas ke nan. Ban lissafa 8, 9 da 10 ga Afrilu ba, da ka ce ba ka da lafiya.

Na yi maka magana ranar 13 ga Maris, na ba ka gargaɗi a rubuce ranar 3 ga Afrilu, da gargaɗin ƙarshe ranar 24 ga Afrilu. Jiya 8 ga Mayu mun zauna na saurare ka, ka ce wata hidima ce ta taso maka. Na duba wannan bayani, amma bai nuna abin da ya hana ka sanar da ni ba. A ranakun da ba ka zo ba an makara wajen buɗe shago, abokin aikinka kuma ya tsaya shi kaɗai.

Za a biya ka kuɗin kwanakin da ka yi aiki a Mayu, da albashin wata ɗaya a madadin notis kamar yadda yarjejeniyarmu ta ce, ranar 12 ga Mayu. Ka dawo da makullin shago a ranar. In kana ganin akwai kuskure a ranakun nan, ka sanar da ni a rubuce cikin kwana bakwai. Na gode da aikin da ka yi mana, ina maka fatan alheri.

Sai suna da sa hannu. Shi ke nan, shafi ɗaya. Wata ɗayan nan misali ne kawai, naka tsawon notis ɗin yana cikin yarjejeniyarku da dokar ƙasarku, in sun saɓa kar ka yi ƙasa da abin da doka ta ce.

"Dole sai na zauna da shi kafin takardar? Ai na san abin da zai ce."

Ba ka sani ba. Minti goma ne, da mutum ɗaya a matsayin shaida, ba a gaban kwastoma ba. Ita ma yarjejeniyar can ta 1982 ta ce a ba ma'aikaci damar kare kansa kafin a sallame shi kan halinsa. Kuma kar ka shiga zaman da takardar sallama a aljihu an riga an sa mata hannu, wannan ba sauraro ba ne.

"Zan iya riƙe albashinsa na ƙarshe saboda asarar da ya ja min?"

A'a. Ranar da bai zo ba ba izini, yawanci ba a biyan ta, in yarjejeniyarku ta ce haka. Amma ranar da ya yi aiki haƙƙinsa ne. Cinikin da kake ganin ka rasa don shago na rufe ba bashi ba ne a kansa. In akwai bashi na gaskiya, kamar kuɗin da ya karɓa kafin albashi, rubuta shi daban da lissafinsa, kar ka cusa shi cikin fushi.

"Na rubuta amma sai nake jin kamar na yi masa mugunta."

Ba ka yi ba, Alhaji. Ka yi magana sau uku, ka saurare shi, ka cire kwanakin ciwo, ka biya haƙƙinsa. In ya nemi takardar shaidar ya yi aiki a wajenka, ba shi, ranar farawa da ranar gamawa da irin aikin da ya yi, ba sai ka sa dalilin rabuwa ba.

"In ya ƙi sa hannu fa?"

Ba komai, sa hannun na karɓa ne ba na amincewa ba. Rubuta a kwafinka cewa an miƙa masa ranar kaza ƙarfe kaza ya ƙi sa hannu, shaidan ya sa nasa. Ka ɗauki hoton takardar ka tura masa a waya ma, ka ajiye saƙon.